Wasiƙata ga Malam Sada da Rijiyar da Ta Ja Mini

Jiya ina zaune a nan na ji ɗayanku yana cewa haƙar rijiya ba sana'a ba ce, rami ne kawai, duk mai ƙarfi da diga zai iya. Na san bai taɓa tsayawa a ƙasan rami ya ɗaga kai ya ga sama ta koma kamar faifai ba. Ku kun taso kun ga mota ta zo da inji, ta yi ta ruri, ruwa ya fito. Mu da hannu muka yi, kuma rijiyoyin da na gina tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi har yau da yawansu ana jefa musu guga. To ku matso in gaya muku yadda na shiga aikin, da wanda ya sa ni, da wata wasiƙa da na rubuta masa wadda ta ja mini aikin da ya fi kowanne wuya a sana'ata.

Rijiyar farko da na ga ana ginawa da siminti a bayan makarantarmu ta elemantare ce, a Kurfi, tun Turawa na nan. Ma'aikatan En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, su ne suka zo da kayansu. Malaminmu, Malam Sada, wani siriri ne mai sanyin murya, shi ke koya mana karatu da lissafi da kiwon lafiya duka. Ba ya duka sosai, amma in ya dube ka ta saman allo sai ka gwammace bulala. Ya fito da mu aji guda ya jera mu a bakin aikin, ya ce mu duba. Yara suka duba suka gaji suka koma wasa. Ni na kasa tafiya. Kullum aka tashi sai in tsaya ina miƙa wa ma'aikatan bokiti, har shugabansu, wani dattijo mai suna Baba Mati, ya san sunana.

A cikin makon nan Malam Sada ya shigo aji da guntun kyandir da wata kwalba mai faɗin baki. Ya kunna kyandir, ya kifa kwalbar a kansa. Muna kallo wutar ta ƙanƙance, ta mutu. Ya ce, "Wuta da mutum abincinsu ɗaya ne a cikin iska. Inda wuta ta kasa rayuwa, mutum ma ba zai daɗe ba." Daga nan ya shiga lissafi.

Da muka gama aji huɗu aka yi jarrabawar shiga makarantar Midil ta Katsina, ban samu ba. Mahaifina fataucin hatsi yake yi da jakuna, kuma daɗi ma ya ji, don ya samu mai kora masa. Ran nan da la'asar sai ga Malam Sada a zaurenmu. Ina rakuɓe ina ji.

Ya ce, "Malam Abu, yaron nan Rabe ka ba ni shi in kai shi wurin masu rijiya."

Babana ya ce, "Malam, shekara huɗu yana boko, ƙarshenta haƙar rami? Ai wanga ko wanda bai san bihim ba yana yi."

"Wanda bai san bihim ba yana haƙawa, amma ba ya iya karanta awo, ba ya iya lissafin siminti. Suna neman mai hannu da kai tare. Na ga hannunsa, na ga kansa. Kora jaki kuwa ƙanensa ma zai iya."

Sai da ya zo sau uku kafin Babana ya ce a je a gwada rani ɗaya. Malam Sada da kansa ya ɗora ni a bayan kekensa har Dutsin-Ma, inda zangon ma'aikatan yake, ya damƙa ni a hannun Baba Mati. Ko ruwa bai tsaya sha ba ya juya, don gobe akwai makaranta. Ba a daɗe ba aka canja masa wurin aiki, labarinsa ya ɓace mini.

Ranina na farko ban shiga rami ba ko sau ɗaya. Aikina fasa tsakuwa, tankaɗe yashi, da wanke kwanonin zubi, wato faranten ƙarfe masu lanƙwasa da ake haɗawa su zama zobe a zuba kankare a bayansu. In ka bar siminti ya bushe a jikinsu, gobe ba za su haɗu ba, Baba Mati kuwa zai sa ka kankare shi da farce. Daga nan aka ba ni igiya. Kada ku raina mai igiya. Shi ke tsaye a kan kura, ƙarfen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, kuma ran wanda ke ƙasa a hannunsa yake. Tsakuwa ɗaya ta suɓuce daga bakin rami mai zurfin gaba goma, ta isa ta fasa kai. Shi ya sa kafin a fara aiki ake share bakin rami tas, kuma ba a barin kowa ya leƙa da hula a sake.

Da na fara sauka, abin da aka fara koya mini shi ne saiti. Ana gitta katako a bakin rami, a sako igiya mai dalma daga tsakiyarsa, kai kuma kana da sanda mai tsawon rabin faɗin rijiyar, kana zagayawa da ita kana aunawa. Rijiyar da ta karkace tun daga sama, a ƙasa za ta ci amanarka. Digarmu gajeriyar ƙota gare ta, shebur ma haka, don ba wurin ɗaga hannu. Ana haƙa gaba biyu ko uku gwargwadon ƙarfin ƙasa, a kafa rodi, a haɗa kwanoni, a zuba kankare, a bar shi ya kama, sannan a ci gaba. Ƙasa kuwa kala-kala ce, kuma dole ka san ta da hannu: jigawa mai zubowa, jar ƙasa, marmara mai cin bakin diga, yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse wanda in ka matse shi yake marmashewa. Shi ne abokinmu, don a ƙasarmu ta duwatsu a cikinsa ruwa ke kwana. In ka wuce shi ka taras da fa, dutsen nan mai rai da guduma ke tsalle a kansa, to ka yi haƙuri ka fito.

Na yi shekaru a ƙarƙashin Baba Mati. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma gida, ni ma na bar En'e na kama aikin kaina, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Na ɗauki abokin aiki, Tanimu, wani ƙato mai 'ya'ya uku, wanda ba ya tsoron komai, abin da kuwa ba yabo ba ne a wannan sana'a. Masu ba mu aiki fatake ne masu son rijiya a cikin gida, da masu shanu, da unguwanni masu haɗa hannu. Kowannensu wuri yake nuna maka da ƙafa ya ce a nan yake so, kamar ruwa yaronsa ne.

Shekarar da ta fi muni, damina ce ta ɗauke da wuri. Rijiyoyi suka ja baya, ni kuma na haƙa biyu a jere duk suka tsaya a kan fa. A kasuwar Dutsin-Ma har ana ce mini Rabe mai busasshen guga. Sabon aiki ya yanke, sai yasar tsofaffin rijiyoyi da ƙara musu zurfi. A cikin haka wani mai fataucin dabbobi ya kira mu gidansa, wata tsohuwar rijiya da aka rufe da itace shekara da shekaru. Muka buɗe. Tanimu ya ɗaura igiya a ƙugu, har ya sa ƙafa. Ban ji wari ba, ban ga komai ba, amma na ce ya dakata. Na kunna aci-balbal na sa a bokiti na zura a hankali. Tun ba ta kai rabi ba wutar ta yi ja, ta mutu. Na jawo na sake kunnawa, ta sake mutuwa a wuri ɗaya.

Maigidan ya ce, "Iska ce ta hure ta. Ku dai ba ku son aiki."

Na ce, "Alhaji, a ƙasan rijiya ba iskar da ke hure fitila. Yau ba mai shiga."

Muka sari reshen bishiyar maina mai ganye muka ɗaura a igiya, muka yi ta zurawa muna fizgowa don iskar sama ta sauka, muka bar bakin a buɗe ya kwana. Sai da fitila ta kai har ƙasa tana ci sannan na sauka, ni da kaina. Tanimu ya riƙe mini igiya. Bayan sati biyu aka ji labarin wasu mutum biyu a wani ƙauye da suka shiga irin wannan rijiya, na biyun ya bi na farko don ya ceto shi, duka aka fito da gawarsu. Da yamma sai ga Tanimu a ƙofar gidana da 'ya'yansa uku, ya ce su gaishe ni. Na ce ba ni ya kamata su gaisar ba.

A nan maganar wasiƙa ta taso. Za ku ce me ya hana in je da kaina? Na farko, ban san inda yake ba. Na biyu, mu a tarbiyyarmu yaro ba ya zama gaban babba ya dube shi ya ce ka yi mini kaza da kaza. Kana farawa zai ce, "Ai ba komai, yi wa kai ne," ya kawo maganar damina, shi ke nan ta mutu. Takarda kuwa ba ta jin kunya, kuma ba a katse ta.

Na sayi takardar wasiƙa mai layi da ambulan a kanti, na ari alƙalami da tawada. Na tsara ta yadda shi ya koya mana: adireshina a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashi, sannan "Zuwa ga malamina, Malam Sada," sai gaisuwa da tambayar iyali, sai "bayan haka". To daga "bayan haka" ɗin ne na ɓata. Na cika shafi da kirari: kogin ilmi, fitilar ƙasa, uban marayu, bango majinginar almajirai. Na karanta wa matata Hinde ina jin kaina.

Ta saurara har ƙarshe tana tsince wake, ta ce, "Wagga ai ko Sarkin Pawa ka aika wa sai ya karɓa ya ce da shi ake. Ina Tanimu a ciki? Ina keken da ka ce ya ɗauko ka?"

Na ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, ba a rubuta wa babban mutum su.

Ta ce, "To mi ya yi maka in ba su ba?"

Na yage wasiƙar. Wannan shi ne abin da na koya, kuma ku riƙe shi in wata rana za ku gode wa wani a rubuce. Mutumin da ya koyar da ɗaruruwan yara bai san ko kai wane ne ba, sai ka tuna masa. Don haka na fara da cewa ni ne Rabe ɗan Malam Abu mai hatsi na Kurfi, wanda ka kai Dutsin-Ma a bayan keke. Sannan na faɗi abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ba ado: zuwansa zaurenmu har sau uku, da maganar da ya gaya wa Babana, da kyandir da kwalba. Sannan na faɗi abin da ya biyo baya: cewa yanzu ina da sana'a da iyali, na lissafa masa garuruwan da ake shan ruwan hannuna, na ba shi labarin fitila da Tanimu da 'ya'yansa uku. Ban ɓoye masa rijiyoyi biyun da suka tsaya a kan fa ba, don kada ya ji daga bakin wani. Ban roƙe shi komai ba, don godiyar da aka haɗa da roƙo ta zama talla. Na yi ta a takardar banza tukuna, na gyara, sannan na kwafe da kyau. A ƙarshe, kafin "Ni ne ɗalibinka", hannuna ya rubuta abin da kowa ke rubutawa: duk abin da kake bukata wanda hannuna zai iya, ka faɗa, an gama.

Saura adireshi. Na tambayi hedimastan Dutsin-Ma, bai sani ba, amma ya tura ni wurin malamin da ke zagayen duba makarantu. Shi ya ce mini Malam Sada yana wata ƙaramar makaranta mai aji biyu a wani ƙauye bayan Tamawa. Ashe duk shekarun nan yana kusa. Ƙauyen ba gidan waya, don haka na rubuta sunan Malam, ta hannun hedimastan Kurfi. Na kai wa wakilin gidan waya, na sayi kan sarki na manna, ya buga hatimi ya jefa a jaka. Daga nan mota ta kai ta Katsina, aka ware ta, ta dawo Kurfi a jakar masinja, ta zauna a teburin hedimasta har ranar kasuwa da aka samu mai zuwa ƙauyen. Da na ba mai jaki, da ta riga isa. Amma na so ta je da kan sarki, yadda wasiƙar mutunci ke zuwa.

Sai da kaka ta wuce amsa ta zo, da rubutun nan nasa mai tsaye kamar an auna da rula. Ya ce ya tuna ni, ya tuna keken, don tayar baya ta yi faci a hanyar komawa. Kyandir kuwa ya ce duk shekara yana kunna shi a aji, bai taɓa sanin akwai wanda ya ɗauka ba, har ya fara tunanin dainawa. Ya ce ya karanta wa 'yan ajinsa wasiƙar, ya kuma gyara mini kalma biyu da na rubuta ba daidai ba. Sannan ya ce: "Ka ce in faɗi abin da hannunka zai iya. Garin nan ruwan tafki muke sha. Duk damina kurkunu yana kwantar da rabin ajina da rabin manoma, ni ma daminar bana da shi na yi ta a ƙafar hagu. An haƙa rijiya sau biyu, dutse ya hana. Ka zo ka duba."

Na karanta wa Hinde. Ta ce, "Kai ka rubuta." A lokacin kuwa wani attajiri ya yi mini maganar rijiya a gidansa, aikin da zai ciyar da mu rani guda, ya kuma wanke mini suna. Can kuma wuri ne da ya riga ya kayar da mutum biyu. In na je na yi ta uku a kan fa, a gaban malamina, to sai dai in koma kora jaki. Amma magana zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa hannu. Na ba attajiri haƙuri, na ce wa Tanimu ya haɗa kaya.

Na taras da Malam Sada ya yi furfura, yana ɗingishi, tabon kurkunu a idon sawunsa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ambaci wasiƙar ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce, "Rabe, ka yi ƙiba. Tashi mu je ka ga ramukan."

Duka biyun a tsakiyar gari aka yi su, kusa da masallaci, a kan tudu, inda fa ke kusa da sama. Mai'unguwa ya ce ta ukun ma a nan suke so, don mata su huta. Na ce a nan ko shekara za mu yi ba ruwa. Na tambayi Malam, tunda ya daɗe a garin, ina ne ƙasa ke daɗewa da laima bayan ɗaukewar ruwa? Ya kai ni gabas da gari, wani kwari inda wata kanya da ɓaure ke tsaye kore shar a tsakiyar rani, ga suri a gefe. Ya ce ya daɗe yana lura da wurin, sai dai bai san ko zai ba da ruwa ba. Na duba, wurin ya yi nesa da masai da tafkin, ya kuma kwanta tsakanin duwatsu biyu. Na ce nan ne. Mai gonar da wurin ke ciki, wani tsoho, ya ce a ɗauka, Allah ya ba shi ladan.

Malam ya rubuta wa En'e ta hannun hakimi, aka ba da siminti da rodi da aron kwanonin zubi, bisa sharaɗin gari ya ba da ƙarfi. Maza suka yi gayyar yashi da tsakuwa, mata suka ɗauki ciyar da mu. Muka fara da shigowar bazara. Da gangan ake haka: lokacin ne ruwa ya fi yin ƙasa, rijiyar da ta ba da ruwa a bazara ba za ta ƙafe ba. Amma kana tsere da damina, don in ruwan sama ya same ka da rami a buɗe, gefe zai zubo.

Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, muna zuba kankare muna sauka. Wajen gaba tara diga ta yi ƙara, ta yi tsalle. Tanimu ya ɗago kai daga ƙasa ya dube ni. Kafin azahar gari duk ya ji, mutane suka fara janye jiki. Mai'unguwa ya zo ya ce, "Ai mun faɗa."

Na sauka da guduma da dagi. Na share dutsen, na bi shi da bugu daga gefe zuwa gefe ina saurare. Fa na gaskiya ƙararsa ɗaya ce ko'ina, siririya, kuma tana dawo maka a hannu. Wannan a tsakiya haka yake, amma ta yamma sai ya yi amo kamar tulu. Na haƙa ta nan da dagi, ya shige kamu biyu a ƙasa mai laushi. Ashe ƙaton dutse ne guda ya tare kashi uku cikin huɗu na ramin, ba shimfiɗa ba. Na fito na tarar da Malam zaune a kan buhun siminti.

Ya ce, "Rabe, in bai yiwuwa ka faɗa. Na yafe maka abin da ka rubuta. Ni ma na san yadda ake rufe wasiƙa."

Na ce, "Malam, yana yiwuwa. Sai dai zai ci lokaci, kuma ina son mutum huɗu kullum a kan igiya."

Ya tashi ya shiga gari da sandarsa. Ban san abin da ya gaya musu ba, amma washegari mutum shida na samu.

Wasu suka ce a hura wa dutsen wuta a kwara masa ruwa ya tsage, yadda ake yi a sarari. Na hana, don wuta a ƙasan rami tana cinye iska. Nakiya kuwa sai mai izinin hukuma, kuma za ta fasa kankaren da muka zuba. Da cizal da guduma muka ci shi. Ana huda ramuka a jere a bisa jijiyar dutsen, a kafa ƙarafa masu tsini, a riƙa bugunsu bi da bi har ya tsage ya ba da ɓari. Maƙerin garin kullum yana wasa mana baki. Ni da Tanimu muna karɓeɓeniya, tafin hannunmu ya fashe ya warke ya sake fashewa. Kusan wata guda muka yi a kan dutsen nan, hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas da yamma.

Ranar da muka ciro ɓari na ƙarshe, abin da ke ƙarƙashinsa ruɓaɓɓen dutse ne mai sanyi. Na dunƙula shi a hannu ya kama. Na sa a bokiti na ce a kai wa Malam. Kwana biyu bayan nan ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe. Aikin bai ƙare ba, don a nan ragwaye ke tsayawa. Muka zura zobban kankare masu ƙofofin shigar ruwa, muna kwalfewa muna haƙa ƙarƙashinsu suna nitsewa, har ruwan ya fi ƙarfin bokiti biyu. Muka zuba tsakuwa a ƙasa, muka ɗaga baki ya kai ƙugu, muka yi daɓe mai gangara da magudana don ruwan ƙafar mutane kada ya koma ciki. Ruwan farko na damina ya sauka siminti ya riga ya kama.

Kada ku ɗauka daga nan sai guɗa. Daminar nan kurkunu ya fito kamar kullum, mutane suka ce rijiyar ba ta yi maganin komai ba, wasu suka koma tafki don ya fi kusa. Kurkunu kuwa wanda ka sha bara shi ke fito maka bana. Malam Sada ne ya yi ta bin gida-gida yana wannan bayani, ya sa 'yan ajinsa su ƙi shan ruwan tafki ko a gidan ubansu. Wannan ba aikina ba ne, nasa ne, kuma ya fi fasa dutse wuya. Ni dai labarin dutsen ya riga ni isa kasuwar Dutsin-Ma, ban sake rasa aiki ba.

Damina ta biyu ina gonarmu a Kurfi ina maimai, don da damina ba a haƙa, sai na hangi wani da farar riga yana tahowa ta kan kunya, takalmansa a hannu, laka har ƙwauri. Sai da ya matso na gane shi. Na yar da fartanya na tare shi, na ce, "Malam, ina keken? Da ka aiko ai da na zo."

Ya ce, "Keke yana gida. Na zauna zan rubuta maka wasiƙa, na ga duk abin da zan faɗa bai kai ka gani da idonka ba." Ya ɗaga ƙafar hagu ya ɗora a kan kunya. Tsohon tabo ne kawai, ba sabo. "Tun da na je garin nan ban taɓa yin damina a tsaye ba sai bana. Aji kuma ya cika, har benci ya kasa."

Na ce ya zo mu je gida ya huta, Hinde ta dama fura. Ya dubi sauran kunyoyin da ban gama ba, ya naɗe hannun riga, ya ce fura ta jira. Ya sunkuya ya ɗauki fartanyar.